Karo-karon Kyautar Ritayar Baban Rajista: Nawa Ya Kamata Kowa Ya Bayar?

Ma'ajin Kwamitin Walwala:
Assalamu alaikum. Kamar yadda kowa ya sani, Baban Rajista zai cika shekara 35 yana aiki a ƙarshen watan gobe, kuma bisa ƙa'idar aikin gwamnati, wanda ya cika shekara 35 a aiki ko shekara 60 a duniya, duk wadda ta riga zuwa, sai ya ajiye aiki. Kwamiti ya zauna ya kimanta cewa za a buƙaci naira 200,000, wato 150,000 na kyautar kanta, 15,000 na allon karramawa, sai 35,000 na ruwa da lemo da ɗan abin taɓawa a ranar bankwana. Mu 40 ne idan aka cire shi, don haka idan aka bi al'adar da muka saba, kowa zai ba da naira 5,000.

Dalilin da ya sa na kawo maganar gabanku maimakon in fara karɓa shi ne abin da ya faru a karon da ya wuce. Mutum 27 ne kawai suka biya, kuma kusan duk waɗanda ba su biya ba ƙananan ma'aikata ne. Akwai baiwar Allah ɗaya da ta jira har ofis ya watse bayan la'asar, sannan ta shigo ta kwance bakin zanenta ta ƙirga mini naira 2,000 'yan ɗari bibbiyu, ta roƙe ni kada in sa sunanta cikin waɗanda ake bi, wai za ta ciko idan an yi albashi. Na karɓa, amma har yau abin yana damuna. Ina neman shawararku kan yadda za a raba wannan nauyi kafin albashin wannan wata ya shigo.

Mataimakin Darakta:
Wa alaikumus salam. Ma'aji, na gode da ka kawo maganar fili. Ni dai ra'ayina shi ne a bar al'adar yadda take, domin kyauta ce ta 'yan'uwantaka ba haraji ba, kuma idan kowa ya ba da daidai da na ɗan'uwansa babu wanda zai ce ya fi wani hannu a cikinta. Sannan ina so a tuna cewa babban albashi yana zuwa da babbar ɗawainiya. Wanda yake mataki na 15 shi ne ake kira idan an kwantar da wani a asibiti a ƙauyensu, shi ke da 'ya'ya a jami'a, kuma babu katin ɗaurin aure ko suna da zai shigo ofishin nan bai biyo ta teburinsa ba. Tun da aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, ƙananan ma'aikata ne suka fi ganin canji idan aka kwatanta da abin da suke ɗauka a da, saboda haka tazarar ba ta kai yadda ake zato ba.

Akanta:
Ranka ya daɗe, gaskiya ne cewa ƙarin ya fi taɓa na ƙasa, amma tazarar da ta rage har yanzu ninki huɗu ce, kuma zan nuna ta da lissafi ba tare da na fallasa albashin kowa ba, domin matsakaicin kowane rukuni zan ɗauka. Muna da mutum 14 a mataki na 3 zuwa na 6, waɗanda abin da ke shiga hannunsu yake wajen naira 75,000. Muna da 16 a mataki na 7 zuwa na 10, wajen 110,000. Akwai 7 a mataki na 12 zuwa na 14, wajen 190,000, sai ku manyanmu su 3, wajen 300,000.

Idan aka raba albashin wata gida 30, mai ɗaukar 75,000 yana samun 2,500 a rana, ke nan naira 5,000 guminsa ne na kwana biyu cur. Mai ɗaukar 300,000 kuwa yana samun 10,000 a rana, don haka shi rabin yini kawai ya bayar. Adadin ɗaya ne a takardar Ma'aji, amma wani ya ɗauki nauyin da ya ninka na wani sau huɗu.

Abin da nake ba da shawara shi ne a ɗauki kaso ɗaya daga albashin kowa. Jimillar albashinmu duka a wata naira 5,040,000 ce, kuma 200,000 ta kusa kashi 4 cikin 100 na wannan. Idan kowa ya ba da kashi 4, rukunin farko zai ba da 3,000, na biyu 4,400, na uku 7,600, na huɗu 12,000, sai a tashi da naira 201,600. Babu wanda za a ce an fi ƙwara, tunda ma'auni ɗaya aka gwada wa kowa.

Shugaban Direbobi:
Ina gaida manyana. Akanta, Allah ya saka da alheri, kin faɗi abin da ya daɗe a zukatanmu ba mu sami bakin faɗa ba. Sai dai ina so ki duba wani abu. Ni daga unguwarmu zuwa ofis hawa biyu nake yi, kuma tun bayan cire tallafin mai a 2023 ba na kashe ƙasa da naira 1,200 a rana zuwa da dawowa, wanda a kwana 22 na aiki ya zama 26,400. Idan na cire wannan, na auni masara da shinkafa, na ajiye na haya, na sayi katin wuta, abin da yake saura a aljihuna ba ya wuce 15,000 a wata mai kyau. To daga cikin wannan 15,000 ɗin ne 3,000 za ta fita, ba daga 75,000 da ke rubuce a takarda ba. Yallaɓai idan ya ba da 12,000 ba za a rage mudun da ake ɗorawa a gidansa ba, amma ni idan na ba da 3,000 sai an ji a tukunya. Ba wai ina ƙin bayarwa ba ne, domin Baban Rajista shi ya nemo mini fayil ɗina lokacin da ya ɓata shekara biyu ana hana ni ƙarin girma, kuma ko ba a sa ni ba zan kai masa nawa har gida.

Akanta:
Baba, maganarka ta fi tawa daidai, kuma akwai hanyar sa ta a lissafi. Sai a fara ware wani adadi da za a ce na ci da sha da sufuri ne wanda ba a taɓawa, a ce naira 60,000 ga kowa, sannan a ɗora kason a kan abin da ya haura. Ta haka ragowar rukunan za ta zama 15,000 da 50,000 da 130,000 da 240,000, jimillarsu ga mu duka 2,640,000, kuma ana buƙatar kimanin kashi 7 da rabi cikin 100 na wannan kafin a kai 200,000. Idan aka daidaita lambobin don sauƙin biya, na farko zai ba da 1,000, na biyu 4,000, na uku 10,000, na huɗu 18,000, jimilla 202,000. Kamar dai nisabin zakka ne, wanda ba a taɓa abin da yake ƙasa da shi, sai abin da ya ɗara.

Malam Liman:
Hajiya Akanta, lissafinki ya yi kyau, amma misalin yana buƙatar gyara kaɗan don kada wani ya tafi da shi a matsayin hukunci. A zakkar kuɗi, wanda dukiyarsa ba ta kai nisabi ba babu komai a kansa, amma wanda tasa ta kai kuma shekara ta zagayo mata yana fitar da ɗaya bisa arba'in ne daga dukkanta, ba daga abin da ya ɗara nisabin kaɗai ba. Don haka zakka ta fi kama da shawararki ta farko, tare da sauke nauyi gaba ɗaya daga kan wanda bai kai ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina shi ne bambancin da ke tsakaninsu. Zakka wajibi ce, kyauta kuwa ba wajibi ba ce, kuma malamai sun yi bayani cewa dukiyar mutum ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa. Abin da aka karɓa don mutum yana jin kunyar a ga sunansa a jerin waɗanda ba su biya ba, da wuya a kira shi daɗin rai. Duk adadin da kuka tsayar, ku kira shi shawara, wanda ya iya ya ƙara, wanda bai iya ba ya rage ko ya bari, kuma kada a bi kowa tebur-tebur kamar mai karɓar kuɗin haya.

Mataimakin Darakta:
Allah gafarta Malam, na karɓi wannan. Amma ina roƙon a duba inda lissafi na biyu ya kai mu, domin daga 5,000 an kai ni 18,000, wato ninki 18 na abin da ƙaramin ma'aikaci zai bayar, alhali albashina ninki huɗu ne na nasa. Kuma wa ya yanke cewa 60,000 ce kuɗin rayuwar kowa? Mai mata ɗaya da ɗa ɗaya da mai ciyar da mutum 14 ba za su zama ɗaya ba. Zan iya yarda da kashi 4, ko ma ɗan sama da haka, amma idan aka ce mutum goma su ɗauki fiye da rabin kuɗin, to kyautar ta zama ta shugabanni ke nan an ɗora sunan sauran a kai.

Maman 'Yan Biyu:
Ina neman afuwa zan shigo da namu kukan, mu na tsakiya, domin a duk lissafin da aka yi mu ne ba mu motsa ba: 5,000 ta koma 4,400, ta koma 4,000. Matsalata da rukuninmu ita ce ya yi faɗi da yawa. Wanda ya shiga mataki na 7 bana bai fi wanda ya daɗe a mataki na 6 da komai ba sai 'yan dubbai kaɗan, amma za a ce ya biya ninkin nasa ko fiye, sannan a haɗa shi kwano ɗaya da wanda ke ƙarshen mataki na 10.

Abu na biyu, mataki ba shi ne abin da ke shiga hannu ba. Ni ina mataki na 8, amma banki yana cire naira 38,000 duk wata saboda bashin da na ci na gyaran rufin gida bayan damina, ga kuma zubin adashi. Abin da nake gani a waya idan an yi albashi bai kai na wasu direbobi ba. Me zai hana a yi lissafin da ainihin abin da ya shigo wa mutum?

Akanta:
Maman 'Yan Biyu, kukanki na farko yana da magani mai sauƙi, wato a raba rukunin gida biyu. Mutum 9 ne a mataki na 7 da na 8, sai 7 a mataki na 9 da na 10, kuma za a iya sa wa na farko 3,000, na biyu 5,000.

Na biyun kuwa ba zan goyi baya ba, kuma ina da dalili biyu. Kafin a yi lissafi da abin da ya rage bayan bashi, dole kowa ya kawo wa Ma'aji takardar albashinsa ya ga bashin da ake binsa, kuma na tabbata babu mai son a san sirrinsa saboda kyautar wani. Sannan bashi iri-iri ne, domin akwai wanda ya ci don rufin ɗaki kamar ke, akwai kuma wanda ya ci don sayen fili na uku, kuma idan aka bi ragowar albashi sai mai filin ya biya ƙasa da masinjan da bai taɓa cin bashi ba. Mataki shi ne abin da kowa ya riga ya sani game da kowa, ba ya buƙatar bincike. Wanda yake cikin matsi a wannan wata sai ya bi ƙofar da Malam ya buɗe, ya ba da abin da ya samu ba tare da ya yi wa kowa bayani ba.

Sabon Ma'aikaci:
Ina gaisuwa ga iyayena da yayyena. Ni ban daɗe da zuwa ba, don haka a yi mini uzuri idan na yi kuskure. Na fahimci cewa kashi 4 ɗin nan za a riƙa cire shi ne daga albashi duk wata kamar na fansho, to idan haka ne ina ganin ya yi yawa ƙwarai. Idan kuma sau ɗaya ne, me zai hana a rubuta wa masu biyan albashi su cire tun daga tushe, kowa ya huta da bin bashi? Haka kuma na ga 'yan kwangila suna shige da fice a ofishin nan kullum, kuma duk ta wurin Baban Rajista takardunsu suke bi, ai mutum biyu daga cikinsu sun isa su biya kuɗin gaba ɗaya. Sannan ban ji an yi maganar anko ba.

Sakataren Mulki:
Ɗana, sau ɗaya ne ba duk wata ba, kuma babu anko, domin duk yadin da za a fitar zai fi gudummawar kanta tsada ga ƙaramin ma'aikaci. Cirewa daga tushe kuma ba namu ba ne, tunda ba a ofishin nan ake biyan albashi ba, kuma ko da muna da iko ba a taɓa albashin mutum don abin da ba doka ta ɗora ba sai da yardarsa a rubuce. Da zarar an cire daga tushe ma ya tashi daga kyauta.

Maganar 'yan kwangila ita ce nake so kowa ya saurara da kyau, domin na san ba kai kaɗai ka taɓa tunaninta ba. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ta hana ma'aikacin gwamnati nema ko karɓar wata dukiya saboda abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa, kuma ta ce kyautar da ta fito daga kamfani ko daga mai kwangila da gwamnati ana ɗaukarta a matsayin saɓa wannan ƙa'ida har sai an tabbatar da akasin haka. Abin da ta bari shi ne kyautar dangi da abokai a lokutan da al'ada ta sani. Mutumin da ya yi shekara 35 babu takardar tuhuma ko ɗaya a fayil ɗinsa, ba za mu shafa masa baƙin fenti a makonsa na ƙarshe ba. Gara mu ba shi ƙaramin abu daga aljihunmu.

Akwai kuma waɗanda ba a ƙirga cikin 40 ɗin ba, wato ma'aikatan wucin gadi su shida da masu bautar ƙasa su biyu. Shawarata ita ce kada a sa musu komai, amma a gayyace su, kuma a rubuta sunayensu a katin bankwana.

Mai Bautar Ƙasa:
Yallaɓai, na gode, amma gaskiya tun da alawus ɗinmu ya koma naira 77,000 a 2025 ina ɗaukar abin da ya kai na wasu da aka sa wa kuɗi, kuma ba ni da iyali, a gidan yayana nake zaune. Idan ba laifi zan ba da daidai da rukunin farko. 'Yan wucin gadi ne dai bai kamata a ko tambaye su ba, domin na ga yadda suke haɗa kuɗi su huɗu su sayi kwanon abinci biyu da rana.

Hajiya ta Sashen Tsare-tsare:
Na yi shiru ina karantawa ne, domin duk muhawarar ta tsaya kan hannun da ke bayarwa, ba a kalli hannun da ke karɓa ba. Shekarata 26 a wannan ma'aikata, kuma ina tuna abin da aka ba kowa. Lokacin da wani darakta ya tafi an tara masa abin da ya sayi firiza da talabijin, aka kama zaure aka yi liyafa, har masu shara sai da suka ba da nasu. Bayan wata biyar wani masinja ya tafi, wanda ya fi shi daɗewa a aiki, sai aka tashi da agogon bango da turmin atamfa ɗaya na matarsa, aka miƙa masa a baranda ana tsaitsaye. Idan ƙaramin ma'aikaci ya ga yana zuba wa manya alhali ranar tasa ba za a zuba masa ba, to ko naira 500 aka sa masa zai ga an zalunce shi, kuma yana da gaskiya.

Saboda haka ina so duk jadawalin da aka amince da shi yau ya zama shi ne na kowa, daga mai gadi har darakta. Wanda yake son ya yi wa maigidansa ƙari ya kai masa gida. Kuma a sani cewa cikin wata 12 masu zuwa mutum uku ne za su tafi, har da Darakta da kansa, don haka duk adadin da kuka sa wa mutum ku ninka shi sau uku kafin ku ce mai sauƙi ne. Naira 3,000 ta Shugaban Direbobi za ta zama 9,000 a shekara.

Abu na ƙarshe, an fara da farashin kyauta sannan ana neman wuyan da za a rataya shi. Kamata ya yi a fara da abin da mutane za su iya, a tara, sannan a je kasuwa da abin da ke hannu.

Mataimakin Darakta:
Hajiya, ina cikin waɗanda suka tsaya a barandar nan, kuma ban ji daɗin tunawa ba. Na amince jadawali ya zama ɗaya ga kowa. Ga abin da zan iya tsayawa a kai a gaban sauran manya biyu: 2,000 ga rukunin farko, 3,000 da 5,000 ga na tsakiya kamar yadda Akanta ta raba, 9,000 ga mataki na 12 zuwa na 14, mu kuma 15,000. Ya fi kashi 4 a kanmu, bai kuma kai 18,000 ba.

Akanta:
Ranka ya daɗe, na buga. Rukunin farko 28,000, na tsakiya 27,000 da 35,000, na gaba 63,000, ku kuma 45,000, jimilla naira 198,000, kuma 2,000 ta ɗan bautar ƙasa ta cike gurbin. Sai dai ina jan hankalin Ma'aji cewa wannan tsari yana da wurin da yake karyewa. Mutum goma na sama su ne ke ɗauke da 108,000, saboda haka idan babba ɗaya ya yi tafiya ko ya ce a tuna masa gobe, an rasa abin da ya fi na ƙananan ma'aikata bakwai. A fara karɓa daga sama a cikin kwana uku na farko bayan albashi, kuma kada a ba mai shago kafin alƙalami sai kuɗin manya ya shigo. A karon da ya wuce an ɗauko kaya bashi, ƙarshe Ma'aji ne ya cike daga aljihunsa.

Game da ritaya uku a shekara, mafi sauƙi shi ne kowa ya riƙa zuba rubu'in kasonsa duk wata, wato daga naira 500 a ƙasa zuwa 3,750 a sama, sai a wayi gari kuɗin yana jiran mai tafiya.

Sakataren Mulki:
Asusun dindindin ba na goyon bayansa sai an yi masa sharuɗɗa. Mun taɓa yin irinsa a asusun mutum ɗaya, aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani gari, kuma sai da aka yi kusan shekara ana waya kafin rabin kuɗin ya dawo. Idan za a sake, to a buɗe asusu da sunan kwamiti mai sa hannun mutum biyu, ɗaya daga manya ɗaya daga ƙanana. Sannan me za a ce wa wanda ya zuba wata takwas aka ɗauke shi, a mayar masa ko ya yafe? A bar wannan sai taron wata.

Shugaban Direbobi:
Na yarda da 2,000, kuma na yi magana da yarana sun yarda. Amma ban yarda a ɓoye sunayen waɗanda suka biya ba. Idan ba a fitar da jeri ba, ta ina zan san kuɗina ya shiga, kuma ta ina za a san babban da ya noƙe? Ɓoyewar nan manya za ta rufa wa asiri ba mu ba.

Ma'ajin Kwamitin Walwala:
Baba, duk wanda ya biya zan ba shi rasit mai lamba, kuma zan riƙa sanar da jimillar kowane rukuni, misali a ce rukunin 15,000 mutum biyu cikin uku sun biya, wanda a rukunin mutum uku ya isa tunatarwa. Cikakken jerin kuma Malam Liman da Hajiya ta Tsare-tsare za su duba su sa hannu. A katin da za a miƙa wa Baban Rajista za a jera sunan kowa bisa haruffa, babu adadi a gaban sunan kowa. Zan fara karɓa ranar da albashi ya shigo, in rufe bayan kwana goma.

Abin da ban ji an yanke ba shi ne ko kaya za a saya ko kuɗin za a ba shi. Kwamiti ya yi tunanin keken ɗinki saboda 'yarsa tana koyo, amma wasu sun ce kuɗin fansho yakan ɗauki watanni kafin ya fara fitowa, kuma mutumin da albashinsa ya tsaya ya fi bukatar tsabar kuɗi.

Maman 'Yan Biyu:
Kuɗi idan ya shiga gida mai mutane ba ya kwana goma, keke kuwa yana nan yana kawo na cefane. Amma mu da muke zato, me zai hana a tura Malam Liman ya tambayi mai ɗakinsa a asirce? Ita ta san abin da gidan ya fi bukata. Ni dai 3,000 ɗin ma sai na ga abin da banki ya bar mini, kuma har yanzu ban gamsu cewa sai an kashe 35,000 a lemo da cincin ba alhali ana ƙirga naira 2,000 ta masu shara a ciki. Ko manya za su ɗauki na walimar daban, a ƙara wa Baban Rajista wannan a kan kyautarsa?

Mataimakin Darakta:
Wannan kuma ba zan amsa ni kaɗai ba, domin yanzu na gama ɗora musu 15,000 ba su sani ba. Ku bari in ga Darakta gobe bayan azahar.